Rubutun Bidiyon Horar da Ma'aikata: Yadda Ake Gina Kowace Fitowa a Kan Aiki Ɗaya da Gwajinsa

Idan kamfani ya nemi a shirya masa bidiyon horar da ma'aikata, abin da aka fi miƙa wa marubuci shi ne littafin ƙa'idojin aiki, tare da umarnin ya mayar da shi hoto mai motsi. Hanya mafi sauƙi ita ce ya bi littafin shafi bayan shafi, ya sa mai bayani ya karanta, a ɗora hotunan ma'aikata suna kai-komo a kan muryar. Da haka ake samun bidiyo na minti ashirin wanda ya taɓo komai, ma'aikata su kalla, su sa hannu a takardar halarta, amma babu wanda zai iya cewa ga aikin da wane ya iya yau wanda bai iya ba jiya. Tsarin da ke magance wannan shi ne a yanka bidiyon fitowa-fitowa, kowace fitowa ta koyar da aiki guda, ta kuma ƙare da gwaji. Faɗar tsarin ba wuya, wahalar tana wajen sanin inda aiki guda ya fara da inda ya ƙare, kuma a ganina gwajin ne ke nuna wannan iyaka, shi ya sa ya kamata a rubuta shi kafin a rubuta fitowar kanta.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Kamfanin casar shinkafa yana da injin da ke ɗaga shanshera zuwa sama a cikin ƙananan bokitai da aka jera a jikin bel, wanda ma'aikata ke kira elebeta. Injin yakan toshe daga ƙasa idan shanshera ta yi masa yawa ko wani abu ya shige, kuma dole mutum ya buɗe ƙofar ƙasa ya kwashe abin da ya taru. Kamfanin yana son bidiyo a kan "yadda ake gyara toshewar elebeta ba tare da haɗari ba". A bakin manaja wannan aiki ɗaya ne, amma marubucin da ya je ya tsaya kusa da ƙwararren ma'aikaci ya ga yadda ake yi zai tarar da ayyuka biyar a ciki: tsayar da injin da sanar da waɗanda abin ya shafa, yanke wutar injin daga tushe da kulle ta da kwaɗo, tabbatar da cewa wutar ta yanke, kwashe shansherar da ta taru, sai kuma cire kwaɗo da mayar da injin bakin aiki.

Abin da ya raba su biyar shi ne kowanne yana da abin da ke tayar da shi, yana kuma da yanayin da ido zai gani ya ce an gama. Aiki na biyu, alal misali, yana farawa ne bayan injin ya tsaya cik, ya ƙare a lokacin da kwaɗo yake rataye a jikin makunnin, mukullinsa kuma yana aljihun wanda ya kulle. Duk abin da bai faɗa tsakanin waɗannan iyakoki biyu ba, ba na wannan fitowa ba ne, komai muhimmancinsa. Akwai alamun da ke fallasa fitowar da ta haɗiye aiki biyu. Idan wanda ke aikin ya canza a tsakiya, ko kyamara ta bar wuri ta koma wani wurin da ake amfani da kayan aiki na daban, to akwai yiwuwar an haɗa biyu. Haka kuma idan rubutun ya zo kan kalmar "idan" mai buɗe wata hanya, kamar a ce idan makunnin ba shi da hujin sa kwaɗo sai a yi kaza, to wannan hanya ta biyu fitowa ce mai zaman kanta. Alamar da ta fi kowacce tabbas ita ce marubuci ya ga cewa tambaya ɗaya ba za ta ishe shi gwada fitowar ba.

Wannan ne dalilin fara rubutu daga ƙarshe. Kafin a rubuta kalma ɗaya ta bayani, marubuci ya tambayi shugaban sashe: a wannan mataki, wane kuskure ne sababbin ma'aikata suka fi yi, kuma wane ne tsofaffi suke yi saboda sabo? A aikin kulle wuta amsoshin sanannu ne. Wani ya danna jan maɓalli ya ɗauka ya gama, alhali jan maɓalli tsayar da injin kawai yake yi, wutar na nan, kuma kowa na iya danna kore daga wani ɓangare na ginin. Wani ya ga an ɗauke wuta injin ya tsaya, sai ya ce ga dama ta samu ya zura hannu, ya manta cewa janareta na iya tashi a kowane lokaci. Wani kuma ya tarar da kwaɗon abokin aikinsa a rataye ya dogara da shi bai sa nasa ba, abokin ya gama abin da yake yi ya cire kwaɗonsa ya mayar da wuta. Daga cikin waɗannan ne ake zaɓar gwajin, kuma da zarar an zaɓe shi, an san abin da fitowar za ta koyar da abin da za ta bari.

Hanyar fayyace matakan kanta ba sabuwa ba ce. A 1940 gwamnatin Amurka ta kafa wani shirin horar da ma'aikatan masana'antu da aka fi sani da TWI, domin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu sun cika da sababbin hannu da ba su taɓa riƙe inji ba. Daga baya tsarin ya shiga Japan, kamfanin Toyota kuma ya riƙe shi. Cikin abin da shirin ya bari akwai takardar fayyace aiki, wadda ke raba kowane aiki zuwa manyan matakai da kuma muhimman lura, wato 'yan dabarun da ke sa matakin ya yi kyau, ko ya yi sauƙi, ko ya hana rauni, kuma daga baya aka saba ƙara gida na uku na dalilin kowace lura. Wannan takarda ta dace da bidiyo ƙwarai, domin kowane gida yana da wurinsa: babban mataki shi ne abin da kyamara ke nunawa, muhimmiyar lura ita ce inda kyamara ke matsowa kusa, dalili kuwa shi ne abin da mai bayani ke faɗa, tun da dalili ba ya ganuwa a hoto.

Shi rubutun ana yin sa ne a shafi mai gida biyu, hoto a hagu, sauti a dama, kowane layi na hagu yana daidai da abin da za a ji a lokacinsa. Ga yadda fitowa ta biyu za ta kasance idan aka ba ta daƙiƙa 90. Daƙiƙa 10 na farko na buɗewa ne: a hagu an rubuta cewa elebeta na tsaye, ma'aikaci ya nufi akwatin wuta da kwaɗo a hannu, a dama mai bayani ya ce, "Injin ya tsaya, amma har yanzu akwai wuta a jikinsa. Yanzu za ka yanke ta, ka kulle." Babu gaisuwa, babu tarihin kamfani, babu maganar cewa lafiyar ma'aikata ita ce gaba da komai. Jimla biyu sun gaya wa mai kallo inda yake da abin da zai yi.

Daƙiƙa 55 na tsakiya na matakai ne, kuma huɗu ne. Na farko, ma'aikaci ya duba lambar da ke jikin injin ya nemi makunnin da ke ɗauke da lamba iri ɗaya. Kyamara ta nuna lambobin biyu a kusa, ɗaya bayan ɗaya, mai bayani ya ce makunnan sun yi kama da juna, wanda ya kulle na maƙwabcin injin bai kulle komai ba. Na biyu, ya tsaya a gefen akwatin ya juya makunnin zuwa alamar 0. Dalilin tsayawa a gefe shi ne kada fuskarsa ta kasance a gaban akwatin idan wuta ta yi tartsatsi. Na uku, ya zura kwaɗonsa a hujin ya danna, ya ja shi sau ɗaya don ya ji ya kama. A nan marubuci ya rubuta a gidan dama cewa ba magana, a bar ƙarar kwaɗon ta fito, domin wannan ƙarar ita ma'aikaci zai riƙa saurara a bakin aiki. Na huɗu, ya rataya katin da ke ɗauke da sunansa da ranar, ya sa mukulli a aljihunsa. Dalili shi ne kwaɗo ɗaya, mukulli ɗaya, mutum ɗaya, kuma mukullin da aka bari a kan akwati ko aka ba wani ya riƙe ya rushe amfanin kwaɗon.

Daƙiƙa 25 da suka rage na gwaji ne. Hoto ya nuna wani ma'aikaci ya iso akwatin wuta ya tarar da makunnin a kan 0, da kwaɗon makaniki a rataye, makanikin kuma yana can sama yana duba bel. Hoton ya tsaya. Mai bayani ya ce, "Kai ma za ka buɗe ƙofar ƙasa ka kwashe shanshera. Me za ka yi?" Hotuna uku suka fito: ya wuce ya fara aiki tun da an riga an kulle, ya ɗaga murya ya gaya wa makaniki kada ya cire kwaɗo sai ya gama, ya ƙara nasa kwaɗon a ƙarfen da ke ɗaukar kwaɗuna da yawa. Bayan an ba da lokacin zaɓi, amsa ta zo da dalilinta: na uku ne daidai, domin makaniki na iya gamawa ya cire nasa, kuma maganar baki ana mantawa da ita ko hayaniyar injuna ta haɗiye ta.

A lura da abin da tambayar ba ta yi ba. Ba ta ce matakai nawa ne ake bi wajen kulle wuta ba, ba ta kuma nemi a cike gurbin wata kalma da mai bayani ya faɗa daƙiƙa talatin da suka wuce ba. Irin waɗannan tambayoyi kunne suke gwadawa, kuma mutum na iya cinye su duka ya je ya zura hannu a injin da ba a kulle ba. Tambayar da ta dace tana sa mai kallo a wani yanayi da bai gani a fitowar ba, ta tilasta masa ya yanke hukuncin da zai yanke a bakin aiki. Amsoshin da ba daidai ba kuma dole su zama abin da mutum mai hankali zai iya yi. Zaɓi na biyu a misalinmu shi ne mafi amfani, domin yana kama da hankali da ladabi, kuma shi ne abin da mutane da yawa za su yi da gaske. Da an sa zaɓi irin na wasa, kamar ya fasa kwaɗon makaniki da guduma, da tambayar ta amsa kanta. Kowace amsa marar daidai tana buƙatar jimlarta da ke bayyana abin da zai biyo baya, domin "ba daidai ba ne, sake gwadawa" ba ya koyar da kowa komai face yadda ake canka.

Akwai bincike da ke bayan wannan tsari, ko da yake ba a masana'anta aka yi shi ba. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis sun sa ɗalibai karanta wasu gajerun bayanai, wasu suka maimaita karatun, wasu kuma aka sa su tuno abin da suka karanta. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako guda waɗanda aka sa su tuno sun fi su riƙe abin. Ma'anar wannan ga marubuci ita ce gwajin ƙarshen fitowa wani ɓangare ne na koyarwar, ko da babu wanda zai rubuta maki. Game da tsawo kuwa, a 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun nazarci kallon bidiyo kusan miliyan 6.9 a dandalin karatu na edX, suka ga cewa yawancin masu kallo ba sa wuce kimanin minti shida komai tsawon bidiyon. Fitowa biyar masu daƙiƙa 90 sun kai minti bakwai da rabi, amma tun da kowacce na tsayawa ta nemi amsa, mai kallo ba ya yin doguwar zama shiru, kuma ana iya raba su gida biyu idan an ga dama.

Wurin da za a kalli bidiyon yana sauya yadda ake rubuta gwajin, don haka a tambaya tun farko. Idan kamfanin yana da manhajar horo da ke iya tsayar da bidiyo har sai an zaɓi amsa, marubuci zai rubuta martani daban ga kowane zaɓi. Idan a ɗakin taro za a haska, sai a rubuta allon da ke cewa a tsayar a nan, a kuma ba mai horarwa takardar da ke gaya masa ya tambayi mutum biyu ko uku dalilin zaɓinsu kafin ya ci gaba. Idan kuwa ta WhatsApp za a tura wa ma'aikata, babu abin da zai hana bidiyo wucewa, saboda haka sai a sa shiru na daƙiƙa shida zuwa takwas tare da ƙirge a kan allo kafin amsa ta fito. A masana'antar da wasu ma'aikata ba sa karanta boko da sauri, tambayar ta fito daga bakin mai bayani, zaɓuɓɓukan kuma su zama hotuna masu lamba, in ba haka ba karatu ake gwadawa, ba kulle wuta ba.

Maganar rubutu a kan allo tana da nata tarkon. Masu biyan kuɗin bidiyo suna son ganin kowace jimla ta mai bayani a rubuce, suna ganin hakan ƙarin ƙarfi ne. Binciken Richard Mayer na Jami'ar California da ke Santa Barbara ya nuna akasin haka a inda hoto ke ɗauke da darasi: idan ido na bin rubutu, ya bar kallon abin da ake nunawa. A fitowarmu abin da ake so ido ya gani shi ne hannu da kwaɗo, don haka rubutun allo ya tsaya a kalma biyu ko uku na sunan mataki. Tsawon maganar ma ba a ƙiyasta shi da ido. A sa mutum ya karanta gidan dama da babbar murya, da saurin mai koyarwa, ana duba agogo, kuma a yi haka da harshen da za a ɗauki muryar da shi, domin rubutun da aka auna da Turanci aka fassara zuwa Hausa ba lallai ya shiga daƙiƙun da aka ware masa ba. Idan magana ta fi hoto tsawo, a rage maganar. Kada a cike gurbin da hoton ginin kamfani.

Fitowa ta uku da ta huɗu suna nuna amfanin raba ayyukan. Ta uku gajera ce: a tabbatar babu kowa kusa da injin, a danna koren maɓalli a ga bai tashi ba, sannan a danna ja. Gajartarta ce ke sa a so liƙa ta a wutsiyar ta biyu, kuma daidai nan ne take ɓacewa, ta zama jimlar ƙarshe da babu wanda ya tuna, alhali ita ce ke kama wanda ya kulle makunnin da ba shi ba. Idan ta tsaya da kanta tana samun gwajinta: ka danna kore, injin ya motsa, me wannan ke nufi, kuma me za ka yi? Ta huɗu kuwa tana ɗauke da wani haɗari da ba na wuta ba, domin bokitan da ke gefen hawa cike suke da shanshera, sun fi na gefen sauka nauyi, kuma idan aka kwashe abin da ya toshe, bel na iya juyowa baya da kansa ko da wuta a kulle take. Wannan darasi yana buƙatar hankalin mai kallo gaba ɗaya, ba zai samu haka ba idan aka cusa shi cikin maganar kwaɗo.

Nuna kuskure a hoto abu ne da ake yi da taka-tsantsan. Hoton mutum yana yin abin da bai dace ba yana iya zama a kai fiye da na daidai, saboda haka a ajiye shi ga gwaji, bayan an nuna hanyar daidai cikakkiya, kuma amsar ta ƙare da sake nuna daidai ɗin. Marubuci ya kuma rubuta a gefen shafi cewa duk ɗaukar da ta nuna hannu kusa da injin, a yi ta ne bayan an kulle wutar da gaske, ko da labarin yana nuna ba a kulle ba.

Kafin kyamara ta iso, rubutun kansa yana buƙatar gwaji iri biyu. Na farko a bakin injin ake yi: marubuci ya karanta gidan dama, ƙwararren ma'aikaci ya yi abin da ya ji kawai ba abin da ya sani ba. Duk inda ya tsaya yana jira, an tsallake mataki. Duk inda ya ce "mu ba haka muke yi ba", to littafin ƙa'idoji da aikin zahiri sun saɓa, kuma kamfanin ne zai yanke wanda za a bi kafin a ɗauki hoto, ba marubuci ba. Na biyu na tambayoyin ne: a ba wasu sababbin ma'aikata su amsa kafin su ga ko su ji fitowar. Idan duk sun ci, ko dai tambayar ta yi sauƙi ko fitowar ba ta da amfani. Sannan a karanta wa wasu daban fitowar da zanen hotunanta, a yi musu tambayar. Idan yawancinsu suka faɗa kan amsa guda marar daidai, laifin na fitowar ne, kuma amsar da suka zaɓa tana nuna layin da ke buƙatar gyara. A misalinmu, idan suka yi ta zaɓar a gaya wa makaniki da baki, to dalilin da aka bayar a mataki na huɗu bai fito sosai ba, sai a ƙara masa daƙiƙa biyar a nuna yadda wani ke iya cire kwaɗonsa ya tafi.

Gwajin da ke cikin bidiyo yana da iyaka da ya kamata a gaya wa kamfani ƙarara. Yana nuna cewa mutum ya san hukuncin da ya dace, ba ya nuna cewa hannunsa ya iya aikin. Saboda haka kowace fitowa ta zo da 'yar takarda mai lamba ɗaya da ita, ɗauke da matakan nan huɗu da muhimman lurarsu, wadda shugaban sashe zai riƙe ya tsaya ya ga ma'aikaci ya kulle makunnin gaske, yana faɗar dalilin kowane mataki, kafin a bar shi ya taɓa elebeta shi kaɗai. Lambar tana da wani amfani kuma: ranar da kamfanin ya canza akwatin wuta ko nau'in kwaɗo, fitowa ta biyu da takardarta kaɗai za a sake, sauran huɗun su ci gaba da aiki yadda suke. Don hakan ya yiwu, marubuci ya guji jimloli irin su "kamar yadda muka gani ɗazu", ya kuma sa kowace fitowa ta buɗe da bayyana halin da injin yake ciki, yadda wanda aka turo wa ita kaɗai a waya zai gane inda aka tsaya.